Shafi Ɗaya Bayan Shara

Ɗan ƙanwata tela ne, yana da shago a bakin titin unguwarmu. Wata rana da yamma ya shigo zaurena riƙe da wani ƙaton littafin Turanci a leda, irin waɗanda ke koyar da dabarun kasuwanci, mai shafi sama da ɗari uku. Ya ajiye shi a gabana kamar wanda ya kawo lefe. "Kawu, na yanke shawara," in ji shi. "Daga yau kullum sai na yi karatun awa guda kafin in kwanta." Rabonsa da buɗe littafin boko tun jarabawar fita sakandare. Na yi masa fatan alheri, ban ce komai ba, don na san wannan hanyar, ni ma na sha bin ta.

Daren farko ya cika awarsa. Na biyu ya yi minti arba'in. Na uku an ɗauke wuta, ya ɗan lallaɓa da fitilar waya har barci ya sace shi. Na huɗu akwai wasa a gidan kallon ƙwallo. Bayan wata guda na leƙa shagonsa, sai ga littafin an tokare ƙafar benci da shi. Ya yi dariyar jin kunya ya ce, "Kawu, ni fa karatu ba jinina ba ne."

Ban yarda ba. Yaron nan zai iya zama a kan keke tun hantsi har la'asar yana bin layin aiki a wuyan riga, allura ba ta kauce ba. Wanda ke da irin wannan haƙurin ba rago ba ne. Abu biyu ne suka kayar da shi, kuma su ne suke kayar da kusan duk mai fara karatu. Na farko, ya ɗaukar wa kansa kayan da sai ranar da yake cikin nishaɗi zai iya ɗagawa. Na biyu, bai ba karatun wani tsayayyen gurbi a yininsa ba, domin "kafin in kwanta" ba lokaci ba ne, yau ƙarfe goma ne, gobe sha biyu da rabi. Akwai dabaru biyu da suka yi suna a 'yan shekarun nan, kowace tana maganin ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗaya ana kiran ta dokar minti biyu. Ɗayar kuwa, Turawa suna kwatanta ta da ɗora abu a kan abu, amma ni na fi son in kira ta goyo, wato ka goya sabuwar ɗabi'a a bayan tsohuwa, duk inda uwar ta je 'yar ta je.

Dokar minti biyu ta fara fitowa ne a littafin wani Ba'amurke, David Allen, mai suna Getting Things Done, wanda aka buga a 2001. Shi maganar aikin ofis yake yi: duk abin da ya zo gabanka wanda ba zai ci minti biyu ba, yi shi nan take, domin rubuta shi da tuna shi da dawowa kansa sun fi aikin kansa cin lokaci. A 2018 James Clear ya ɗauki sunan ya juya shi zuwa wata fuska a littafinsa Atomic Habits. A wurinsa ma'anar ita ce, duk sabuwar ɗabi'ar da kake son farawa, ka ƙanƙantar da ita har ta zama abin da za a gama cikin minti biyu. Mai son ya zama makaranci, aikinsa na kullum shafi ɗaya ne. Ya kamata a sani cewa wannan lamba ta biyu ba daga ɗakin gwaji ta fito ba. Babu wani sirri a cikinta da babu a minti ɗaya ko uku. Abin nufi kawai shi ne aikin ya yi ƙanƙantar da zuciya ba za ta sami abin yin gardama da shi ba.

Me ya sa ƙanƙantarwa take aiki? B. J. Fogg, wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Stanford, ya daɗe yana bayanin cewa mutum ba ya aikata abu sai uku sun haɗu a lokaci ɗaya: yana so, yana iyawa, kuma wani abu ya tuna masa. Matsalar "so" ita ce ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar da ka sayi littafi yana sama, ranar da mai kaya ya zo ya yi maka tijara a kan ɗinkin da ba ka gama ba yana ƙasa. Idan aikin mai nauyi ne, sai ranar da so ya cika za a yi shi. Idan kuwa mara nauyi ne, ko a ranar da ka tashi da ciwon kai za ka iya. Fogg ya gwada wannan a kan kansa. Yana son ya saba da sakace haƙori da zare, sai ya ɗora wa kansa haƙori ɗaya tak a rana. Abin dariya ne, kuma da gangan aka mai da shi haka. Mai karatu ma, abin da ya fi yi masa wuya ba shafi na bakwai ba ne, ɗauko littafin ne da buɗe shi. Wanda ya riga ya buɗe, sau da yawa labarin da kansa yake jan sa gaba.

Da na faɗa wa ɗan ƙanwar tawa haka, sai ya dube ni shekeke. "Haba Kawu, shafi ɗaya? Ai wannan yaudarar kai ce. Yaushe zan gama littafi?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma lissafin ba ya ɓoyuwa. Shafi ɗaya a rana shafi 365 ne a shekara. Littafi mai shafi 120 zai ci wata huɗu. Wannan ba karatun a zo a gani ba ne. Amma na tambaye shi shafi nawa ya karanta a watan da ya wuce da tsarinsa na awa guda, in aka cire kwana ukun farko. Ya yi shiru. A makonnin farko ba shafuka ake tarawa ba, zuwa ake koya. Kamar yaron da aka kai koyon ɗinki ne, da farko ba riga ake ba shi ba, sai a sa shi ya yi ta taka keke a kan ƙyalle har ƙafarsa ta san bugun. Shi ya fi ni sanin wannan, don haka a nan ya ɗan sauko.

Akwai wani sharaɗi da mutane ke tsallakewa. Shafi ɗayan nan dole ya zama cikakken biyan bashi. Idan ka karanta shi ka rufe littafi, ka yi abin da ka ɗauka, babu wani ƙorafi. Idan a cikin ranka ka san cewa "shafi ɗaya" suna ne kawai, ainihin abin da kake nufi shafi ashirin ne, zuciyarka za ta gane wayon cikin kwana biyu ta koma ƙin ɗauko littafin. Clear ma ya ba da shawarar cewa wanda yake jin abin kamar dabara ce ake yi masa, to ya riƙa tsayawa da gaske idan minti biyun sun cika, ko da yana son ci gaba. Na ga amfanin wannan. Wanda ya tashi daga akushi da sauran marmari, gobe da wuri zai dawo.

Inda aikin yake da gaske shi ne wajen goyon, kuma a nan muka fi daɗewa muna tuntuɓe.

Tunanin ya girmi sunansa. Tun a shekarun 1990 wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi ta nuna cewa wanda ya tsara tun da wuri cewa "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a "ina so in yi kaza". Dalilin shi ne ya riga ya gama shawarar, lokacin da abin ya zo ba sai ya sake zama da kansa ba. Fogg ya ƙara taki ɗaya: maimakon ka jingina sabon aiki ga agogo, jingina shi ga wani abu da ka riga kake yi kullum ba tare da tunani ba. Agogo sai an duba shi, ƙararrawar waya kuma ana kashe ta a ci gaba da hira. Amma wanke hannu bayan cin tuwo ba ya buƙatar mai tuni. Jimlar da ake rubutawa gajeriya ce: idan na gama kaza, zan karanta shafi ɗaya.

Bahaushe bai kamata ya ji wannan a matsayin baƙon abu ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tilawa bayan sallar asuba ya ga goyo da idonsa. Kuma masu son sauke Alƙur'ani a watan azumi sun daɗe da wani lissafi: a bugun Madina kowane juzu'i kusan shafi ashirin ne, in ka karanta shafi huɗu bayan kowace salla cikin biyar ka gama juzu'i a yini, ka sauke a wata. An raba kayan ƙanana, an ɗaura kowane ƙulli a bayan abin da ba ya tashi. Haka ɗalibin zaure yake cin Ahalari da Ishmawi har ya kai Risala, 'yan layuka kaɗan kullum a gaban malam, a sa'a ɗaya, a kan buzu ɗaya. Abin mamaki shi ne yadda mutumin da ya san wannan tsarin sarai, in ya zo kan littafin labari ko na tarihi, sai ya watsar da shi ya koma jiran ranar da zai sami lokaci.

Da wannan tunanin muka fara zaɓar wa yaron uwar goyo, muka ce bayan sallar isha'i. Muna ganin mun dace, tun da salla ba ta wuce shi. Bai yi mako ba abin ya rushe. Da muka zauna muka bi sawu, sai muka ga kurakurai a fili. Yana yin isha'i a masallaci, littafin kuwa yana ɗaki. Tsakanin ƙofar masallaci da ƙofar ɗakinsa akwai majalisar abokansa da teburin mai shayi. Wato bayan isha'i akwai 'yar goyon da ta riga ta hau bayan, shekara da shekaru, ita ce hira, kuma ba za ta sauka don an kawo sabuwa ba. Kafin ya isa ɗaki sha ɗaya ta wuce, ga gajiya, ga rashin wuta. Uwar goyon tsayayya ce, amma ba ta inda littafin yake, kuma bayanta ba a sake yake ba.

Sai na ce ya ba ni labarin safiyarsa dalla-dalla, kada ya tsallake komai. Ya ce yana isa shago wajen takwas. Ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga ƙofa, ya fitar da benci, ya share ƙyallayen jiya da zare, ya jingine tsintsiya a bayan ƙofa, ya zauna a kan kujerar keke, ya ɗiga wa keken mai. Daga nan fa? "Daga nan sai in ɗauko waya, Kawu, kafin masu kawo ɗinki su fara zuwa." Minti nawa? Ya ce wani lokaci ashirin, wani lokaci har sai wani ya yi sallama.

Ga gurbin nan a zaune, babu mai shi sai waya. Muka rubuta jimlar a bayan wata takardar awo: idan na jingine tsintsiya na zauna, zan karanta shafi ɗaya kafin in taɓa waya. A lura ba mu ce "da safe" ba, ba mu ce "idan na buɗe shago" ba. Buɗe shago aiki ne mai gaɓoɓi shida ko bakwai, ba a san a wace gaɓa littafin zai shigo ba. Fogg yana nanata cewa a nemi ƙarshen wutsiyar tsohuwar ɗabi'ar, motsi na ƙarshe da hannu yake yi, a ƙulla sabuwar a nan. A wurin yaron nan, sautin tsintsiya ce tana taɓa bango.

Sai maganar wurin ajiya. Littafin ya koma zama a kan farantin keken, a ƙarƙashin ƙyallen da yake rufe shi da shi in zai tashi da dare, ta yadda ba zai iya ɗiga mai ba sai ya ɗauke shi da hannunsa. A ciki akwai guntun yadi a shafin da ya tsaya, don neman inda aka kwana shi kaɗai yana iya cinye rabin minti biyun. Wayar kuwa tana aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Taku uku ne tsakaninsu, amma taku ukun nan sun yi aikin da nasiha ba ta yi ba.

Mun kuma sauya littafin, kuma ina ganin wannan ya kai sauran muhimmanci. Ƙaton littafin Turancin nan, kowane shafi sai ya ci karo da kalma uku ko huɗu da bai sani ba, shafi ɗaya ya zama aikin minti goma. Dokar ta karye ke nan tun kafin a fara. Na ba shi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya. Ya taɓa karanta wani ɓangare a makaranta, harshen nasa ne, labaran gajeru ne, kuma akun nan ya iya riƙe mai sauraro, don aikin da aka ba shi ke nan a cikin littafin. Wasu za su ce ai wannan ba shi ne karatun da zai amfane shi a sana'a ba. Na ji. Amma littafin farko aikinsa ya sa ka dawo gobe. Mai son labarin soyayya ya fara da shi, mai son tarihin sarakuna ya fara da shi, kada kowa ya ji kunyar abin da ya ɗauka. In ka yi kwana bakwai kana jan ƙafa zuwa ga littafi, ajiye shi ka ɗauki wani. Ba aure kuka ɗaura ba.

A kan karatu a waya, ra'ayina a bayyane yake. Na san dubban mutane, musamman mata, suna karanta littattafan Hausa a WhatsApp da Wattpad, kuma karatu ne na gaske. Amma ga wanda yake fafutukar kafa ɗabi'a, buɗe waya don karanta shafi ɗaya kamar aiken yaro ne ya ratsa ta wurin masu wasan biri. Saƙo ɗaya ya faɗo, an tafi. In babu littafin takarda, a kashe data tukuna, kuma a bar shafin a buɗe tun dare domin shi ne farkon abin da ido zai gani.

Mako biyun farko ya tsaya a kan shafi ɗaya, wani lokaci biyu idan labarin ya kusa ƙarewa. Yana jan layi da allin ɗinki a jikin bango kowace rana. A mako na uku ya zo mini da tambayar da kowa yake yi: "Kawu, an ce kwana ashirin da ɗaya ne abu yake zama jiki. Na kusa ke nan?"

Wannan lamba ta 21 ta yaɗu ne daga wani likitan gyaran fuska, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa suna ɗaukar aƙalla kimanin kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamanninsu. Ba ɗabi'a ya auna ba, kuma "aƙalla" ɗin ta faɗi a hanya. Awon da aka fi kafa hujja da shi Phillippa Lally da abokan aikinta ne suka yi a wata jami'a a Landan, ya fito a 2009. Sun bi mutum 96 har mako 12. Kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai riƙa yi kullum a yanayi ɗaya, akasari ci ne ko sha ko motsa jiki, kamar shan ruwa tare da abincin rana. A cikin waɗanda aka iya lissafa nasu, matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne. Mai sauri ya kai a kwana 18, mai nawa kuwa lissafi ya nuna zai kai 254. Abubuwa masu sauƙi sun fi saurin kamawa a kan masu wahala kamar motsa jiki, wanda ke ƙara ƙarfafa hujjar a fara da kaɗan. Don haka na ce masa ya sa ran wata biyu zuwa uku, in ya zo da wuri riba ce.

Wani abin da binciken ya nuna ya fi wannan amfani ga mai farawa: tsallake rana ɗaya bai yi wa ginin wata illa ta a zo a gani ba. Abin da ke kashe ɗabi'a shi ne hukuncin da mutum yake yanke wa kansa bayan ya tsallake, ya ce tun da na karya, shi ke nan. Shi ya sa layukan alli a bango suke da haɗari ga wasu. Mutum ya jera talatin, ranar da ɗaya ta ɓace sai ya ji duk talatin ɗin sun zube. Ƙa'idar da Clear ya yayata ta fi dacewa, wato in ka rasa yau, kada ka bari gobe ta bi ta. Kuma kada a yi ramuwa. Wanda ya tsallake kwana uku ya ce yau sai ya karanta shafi goma don ya biya, ya mai da littafi bashi, kuma kowa ya san yadda ake kauce wa layin mai bin bashi.

Ranar Juma'a ce ta fara nuna mana raunin goyo. Ba ya buɗe shago da safe ranar, don haka babu shara, babu tsintsiya, babu karatu. Uwa ba ta fita ba, 'ya ma tana gida. Wannan ba laifinsa ba ne, haka dabarar take. Ana iya nema wa ranar tata uwar daban, ko a yafe ta. Shi ya yafe ta, kuma ban ga ta rage shi da komai ba.

Babbar jarabawar ta zo da azumi. Duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe: a shago ake kwana, janareta yana ruri har asuba, shadda ta cika ko'ina, babu wani "buɗe shago da safe" tun da ba a rufe ba. Karatun ya tsaya cak, kusan mako uku. Bayan salla ya zo yana cewa ya koma gidan jiya. Na ba shi labarin wani bincike da Wendy Wood da abokan aikinta suka wallafa a 2005, a kan ɗaliban da suka sauya jami'a. Sun duba ɗabi'unsu na karanta jarida da kallon talabijin da motsa jiki, suka ga cewa ɗabi'ar takan tsira idan yanayin da ake yin ta bai sauya ba a sabon wurin, takan lalace kuma idan ya sauya. Wato ɗabi'a ba a cikin mutum kaɗai take zaune ba, rabinta yana jikin wuri da lokaci da abin da ya gabace ta. Tafiya, aure, haihuwa, sauya gida ko sauya aiki duk suna iya kwance goyon. Maganin shi ne a gane abin da ya faru, a mayar da littafin mazauninsa, a koma shafi ɗaya kamar ranar farko. Ya mayar da shi ƙarƙashin ƙyallen keke. A wannan karon bai yi mako ba hannunsa ya tuna hanya.

Ta yaya mutum zai san abin ya kama? Ba da ƙirga kwanaki ba. Alamar ita ce gardamar cikin rai ta ɓace. Za ka tsinci kanka a tsakiyar shafi ba ka tuna lokacin da ka yanke shawarar buɗewa ba, kuma ranar da ka bar littafin a gida za ka ji wani abu ya ɓace, kamar ka fito babu hula. Idan bayan mako biyu har yanzu mantawa kake yi, matsalar tana wajen uwar goyon, a sauya ta. Idan kana tunawa amma kana cewa bari sai anjima, to kayan ne suka yi nauyi ko littafin bai yi maka ba. Waɗannan cututtuka biyu ne daban, kada a sha maganin ɗaya don ɗaya. Akwai ta uku da ba a cika faɗa ba: wanda ya haura arba'in yana jin kansa yana sarawa ko idonsa yana ruwa bayan 'yan layuka, ya je a auna masa ido. Na san dattijon da ya yi shekaru yana cewa karatu ya fita ransa, ashe tabarau yake buƙata.

Sai an kai nan ake maganar ƙari, kuma a nan mutane da yawa suke sake faɗawa ramin farko. Sun ga sun yi wata guda suna karanta shafi biyar, sai su mai da biyar ɗin doka. Ranar da aka tashi da baƙi ko rashin lafiyar yaro, biyar ta gagara, sai a bar duka. Abin da ya fi shi ne a bar dokar a shafi ɗaya har abada, abin da ya hau kai kyauta ne. Shafi biyar a rana yana gama littafi mai shafi 120 a kwana 24, amma mai shafi biyar ɗin yana da ikon ya karanta ɗaya ranar da duniya ta yi zafi, ya tashi ba tare da jin ya ci amana ba.

Kada kuma a ɗora wa dabarar abin da ba ta ɗauka ba. Ɗalibin da jarabawa ta sa a gaba, ko mai son ya fahimci littafin fiƙihu ko na lissafi mai zurfi, minti biyu ba za su ishe shi ba. Irin wannan karatun yana son zama na awa ɗaya ko biyu, da biro da takarda, wani lokaci da malami. Minti biyu suna kai ka bakin tabarma ne kawai. Haka kuma ban yarda da masu jera goyo bakwai a bayan uwa ɗaya ba, a ce bayan shayi karatu, bayan karatu rubutu, bayan rubutu motsa jiki. Ɗaya ta zame, duk sun zube. Mai farawa ya riƙe ɗaya har ta yi ƙafa.

Uwar goyon kowa daban ce, kuma ba wanda zai zaɓa maka ita daga nesa. Matar gida tana iya samun tata a lokacin da ta rufe ƙofa bayan yara sun tafi Islamiyya. Ma'aikaci yana iya samun tasa a lokacin da ya ajiye jaka a kan tebur, kafin ya kunna kwamfuta. Ka bi yininka kamar yadda na sa yaron nan ya bi nasa, ka nemi inda hannunka yake zarcewa aljihu neman waya, domin galibi a nan gurbin yake.

Shi dai ɗan ƙanwar tawa ya gama littattafan Magana Jari Ce uku, ya bi da Ruwan Bagaja, sannan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwanan baya na wuce ta shagon da sassafe na same shi ya ciro ƙaton littafin Turancin nan daga ƙarƙashin benci, bangonsa duk ya lotsa, ya sa guntun bulo a madadinsa. Yana shafi na sittin da wani abu, da ƙaramin ƙamus a gefen almakashi. Na yi sallama, ya ɗaga mini hannu bai ɗago kai ba. "Kawu, yi haƙuri, saura layi uku."